Dokar Klingenheben a Bakin Ɗan Badagishiri: Sauƙaƙa Karatun Ingilishi Ba Tare da An Taɓa Kalmomin Lacca Ba

Ɗalibin da ya tashi a Badagishiri, cikin gundumar Illela ta jihar Tawa, da Faransanci ya yi karatunsa tun daga firamare. Idan ya bi hanyar Ƙonni ya tsallaka iyaka domin nazarin Hausa a Sakkwato ko Katsina ko Kano, sai ya tarar da Hausa ake yin lacca, da ita kuma ake amsa jarrabawa, amma wani kaso mai yawa na takardun da ake ba shi ya karanta da Ingilishi aka rubuta su. Abin da ya fi sauƙi gare shi shi ne ya nemi abokin karatun da ya fi shi Ingilishi, ya miƙa masa takardar, ya ce a faɗa masa abin da ke ciki da Hausa mai sauƙi. Abokin zai yi, kuma sau da yawa bayanin zai yi daɗin ji. Matsalar ba ta fitowa sai ranar da ɗalibin ya ajiye wannan bayani kusa da littafinsa na lacca, ya kasa gane cewa abu ɗaya suke magana a kai, ko kuma ranar da mai duba jarrabawa ya nemi kalmar da ya koyar a aji bai same ta a takardar amsa ba.

Wannan maƙala ta ɗauki shafi ɗaya na irin waɗannan takardu, wato bayanin dokar Klingenheben, domin a ga wuraren da mai bayani yake da izinin sauƙaƙawa da wuraren da ba shi da shi. An zaɓi wannan doka ne saboda rabin hujjojinta suna cikin bakin mutanen Badagishiri da Malbaza da Ƙonni, ko da yake mafi yawansu ba su taɓa jin sunanta ba.

Abin da shafin yake faɗa

August Klingenheben masanin harsuna ne Bajamushe. A wata maƙala da ya buga da Jamusanci a mujallar shekarar 1927/28, ya nuna cewa wasu baƙaƙen Hausa sun sauya a tarihi duk inda suka faɗo a ƙarshen gaɓa. Ɗaliban yau ba daga Jamusancin suke karanta shi ba. Suna samun sa ne daga rubuce-rubucen Ingilishi, musamman na Paul Newman, wanda ya yi bayaninsa a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, sannan ya keɓe masa ɗan littafi sukutum a 2004. Sauye-sauyen uku ne, kuma a taƙaice ga yadda akan tsara su:

```
k, g, ƙ > u
t, d, ɗ, s, z > r
b, f, m > u
```

Misalin na farko shi ne "talauci" kusa da "talaka". Na biyu, "farke" kusa da jam'insa "fatake". Na uku, "sauka" da "zauna" na Kano kusa da "sabka" da "zamna" na yamma. Iyakar batun ke nan. Marubucin Ingilishi kan dunƙule shi cikin jimla ɗaya ko biyu masu tsawo, cike da sassan da ke rataye da juna, kuma a nan ne aikin mai bayani yake farawa.

Jimlar ce ake sauƙaƙawa. Ana iya tsinka ta gida huɗu ko biyar, a fara da misali kafin ƙa'ida, a maimaita abin da marubucin ya faɗa sau ɗaya, a kawo kalmar da ɗalibin ya sani daga gida a madadin wadda bai taɓa ji ba. Duk wannan halal ne. Keɓaɓɓun kalmomi kuwa ba na mai bayani ba ne, aro ya yi daga lacca, kuma kamar yadda ya karɓe su haka zai mayar. Galibin kalmomin tsarin sauti da ake ji a azuzuwan Hausa na arewacin Nijeriya suna komawa ne ga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, da kuma littattafan M. A. Z. Sani, irin su Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na 1999. Amma malamai sukan ɗan bambanta, saboda haka littafin laccar ɗalibin shi ne alƙali. Kafin mai bayani ya buɗe baki, ya kamata ya ja layi a ƙarƙashin kowace keɓaɓɓiyar kalma a shafin Ingilishi, ya nemo takwararta a littafin lacca, ya rubuta su gefe da gefe. A shafin dokar Klingenheben ba za su kai ashirin ba, aikin rabin sa'a ne.

Hanƙa, ganɗa, hanɗa

Sauyi na farko ya shafi k da g da ƙ. A lacca sunansu hanɗawa, tilonsu bahanɗe, domin ana furta su ne idan doron harshe ya taɓa hanɗa, wato sashe mai taushi na can ƙuryar rufin baki. A gabanta akwai ganɗa, mai tauri, inda ake furta y. A gaban ganɗa kuma akwai hanƙa, tudun nan da ke bayan haƙoran sama, inda ake furta t da d. Kalmomi uku ne masu kama da juna kamar 'yan uku, kuma biyu daga cikinsu ba a jin su a hirar yau da kullum. Ganɗa ce kaɗai kowa ya sani.

Daga nan kuskuren farko yake shigowa. Mai bayani, don neman sauƙi, sai ya ce k da g sautuka ne da ake yi "a ganɗa", tunda a Hausar kasuwa duk rufin baki ganɗa ne. Ɗalibi zai gane a take, ya kuma rubuta. To amma a littafin laccarsa baganɗe wani sauti ne dabam, ganɗantawa kuma wani sauyi ne dabam. Abin takaicin shi ne su biyun suna haɗuwa cikin misali ɗaya na wannan doka. Kalmar "buzu" jam'inta "bugaje". Tsohuwar sigar tilon tana da g kafin z. Wannan g, bahanɗe, shi ya koma u a ƙarshen gaɓa, ya haɗu da u ɗin da ke gabansa suka zama dogon wasali. A jam'in kuma g ya tsira, amma z ya koma j saboda wasalin e da ke biye da shi, wannan kuwa ganɗantawa ce. Ɗalibin da aka gaya wa cewa g a ganɗa yake ba zai iya raba sauye-sauyen nan biyu ba. Zai rubuta cewa g ne aka ganɗanta, amsar kuma ta faɗi.

Hanyar da ta fi ita ce a bar kalmar bahanɗe a inda take, a sa mata bayani a gefe sau ɗaya: bahanɗe, wato sautin da ake yi da doron harshe a can ƙuryar baki, kamar k. Daga nan har ƙarshen bayanin bahanɗe za a ci gaba da cewa. A darasin insha'i an koya wa ɗalibai cewa maimaita kalma aibi ne, a riƙa sauya ta da 'yar'uwarta. A wannan aiki kuwa sauyawar ce aibi, domin mai sauraro yana ɗaukar kowace sabuwar kalma a matsayin sabon abu.

Ƙarshen gaɓa da gaɓar ƙarshe

Wurin da sauyin yake aukuwa yana da sunansa guda a Ingilishi, kalmar da ke fita kamar "koda". Wasu masu bayani sukan ɗauko ta haka nan su jefa cikin Hausa, inda take karo da ƙodar cikin ciki da kuma "ko da" ta sharaɗi. Ba a bukatar ta. Lacca ta riga ta ba da tsarin gaɓa uku, BW da BWW da BWB, ta kuma kira ta ukun rufaffiyar gaɓa. Baƙin da ake magana a kai shi ne B na biyu a cikin BWB, wato baƙin da ya rufe gaɓa.

Haɗarin da ya fi wannan girma yana cikin jerin kalmomi biyu kacal. Ingilishi yana cewa baƙin yana ƙarshen gaɓa. Mai bayanin da ke sauri yakan juya ta ta koma "gaɓar ƙarshe", kuma kunne ba ya saurin kama bambancin. A gwada da talauci. Asalinta saiwar talak- ce da ɗafa-ƙeyar -ci, gaɓoɓinta ta-lak-ci. Baƙin k yana ƙarshen gaɓa ta biyu. Gaɓar ƙarshe ita ce ci, kuma babu abin da ya same ta. Wanda ya haddace "gaɓar ƙarshe" zai yi ta dube-dube a wutsiyar kalma, inda babu komai. A talaka kuwa, ta-la-ka, k ɗin nan yana farkon gaɓa, shi ya sa yake nan daram. Wannan ne ma dalilin da jam'i yake tona asirin tilo. Tsarin jam'in da ya ba da gulabe daga gulbi, da birane daga birni, yana cusa dogon a tsakanin baƙi na biyu da na uku. Da zarar a ya shiga, baƙin da ke rufe gaɓa ya koma farkon wata gaɓar, dokar ba ta kai gare shi. Haka aka sami ɓakane kusa da ɓauna, fatake kusa da farke, jibaje kusa da juji.

Ita kanta kalmar gaɓa tana bukatar tsaro, domin a cikin bayani ɗaya za a ambaci gaɓoɓin furuci, wato harshe da leɓɓa da sauransu, a kuma ambaci gaɓoɓin kalma. Idan ana nufin na farko, a faɗi sunan cikakke kullum. Haka ma kari. Wannan doka tana da ruwa da tsaki da karin harshe, ba ta da alaƙa da karin sauti, kuma ɗalibin da ya ji an ce "ya danganta da kari" yana da damar ya ɗauki ko wanne.

Inda kalmar Ingilishi ba ta da takwara

Sauyi na biyu ne ya fi ba da wahala, kuma shi ne ke nuna ko mai bayani ya san fannin ko Ingilishi kawai ya iya. Marubutan Ingilishi sukan tara t, d, ɗ, s, z a ƙarƙashin suna ɗaya, sunan da ke nufin duk sautin da ake yi da ɓangaren gaba na harshe, su kuma ƙara wata kalma da ke taƙaita shi ga sautukan da ke tare iska ko matse ta. Abin da zai fara zuwa wa mai bayani shi ne ya ce hanƙawa. Kusan daidai ne, kuma kusan ɗin ne matsalar.

A jadawalin baƙaƙen da aka saba koyarwa bisa tsarin Sani, ɗ naɗe-harshe ne, ba ya cikin hanƙawa. Ga shi kuwa yana cikin dokar tsundum: farka tana da dangantaka da faɗaka, karkaɗa daga kaɗa take. A ɗaya gefen kuma n da l suna cikin hanƙawa, amma dokar ba ta mayar da su r ba, ga gulbi nan da hanta. Ashe kalmar hanƙawa ta bar wanda ya kamata ta ɗauka, ta kuma ɗauki waɗanda ya kamata ta bari. Ɗalibi mai lura zai buɗe jadawalinsa ya ga saɓanin, ya rasa wanda zai gaskata tsakanin malaminsa da takardar, alhali babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Rabon da kowannensu ya yi wa baki ne ya bambanta.

Mai bayani yana da hanyoyi biyu a nan, ɗaya mai daɗi ɗaya mai amfani. Mai daɗin ita ce ya ƙirƙiri sabuwar kalma, ya ce misali 'yan gaban harshe. Hausa tana karɓar irin wannan ƙira cikin sauƙi, shi ya sa jarabar take da ƙarfi. Amma kalmar da mutum biyu kaɗai suka sani a ɗakin kwanan ɗalibai ba ta zama keɓaɓɓiyar kalma ba tukuna, kuma mai duba jarrabawa bai san da ita ba. Mai amfanin ita ce ya gina rukunin da tubalan lacca, ya kuma lissafa 'yan cikinsa: tsayau da zuzau na hanƙa, wato t, d, s, z, tare da ɗ, wanda yake naɗe-harshe. Ta fi tsawo, ba ta da armashi, amma kowace kalma a cikinta ɗalibi zai iya nuna ta da yatsa a littafinsa. Sannan ya dace a gaya masa a fili cewa takardar tana da suna guda ga wannan rukuni, laccar kuwa ba ta ba shi suna ba, domin ya ɗauki tambayar ya kai wa malamin darasin. Malamin ne ke da ikon raɗa suna a ajinsa.

Sakamakon sauyin ma yana da tarko. Rubutun Hausa na yau da kullum r ɗaya gare shi, lacca kuwa biyu ta koyar, ra-gare da ra-kaɗe, waɗanda ke bambanta barar almajiri da baran sarki. Takardun Ingilishi sukan ɗora wata 'yar alama mai lanƙwasa a kan ra-gare, kuma idan an yi hoton takarda sau uku ko huɗu alamar takan dushe ta koma kamar datti. Wanda dokar take haifarwa ra-gare ne. A yawancin kare-karen yamma kuma l ake samu a gurbinsa, shi ya sa ake jin falke ko hwalke inda Bakano zai ce farke.

Tauraron da ke gaban "zamna"

Ga ɗan Badagishiri, wurin da ya fi ciwo shi ne sauyi na uku. Takardar za ta kawo misalai da irin wannan tsari:

```
zauna < *zamna
sauka < *sabka
```

Ɗalibin ya riga ya haɗu da wannan tauraro a darasin ginin jimla, inda aka koya masa cewa alama ce ta jimlar da ba ta karɓuwa. Idan mai bayani ya ɗauko wannan ma'ana ya kawo ta nan, abin da zai fito daga bakinsa shi ne: zamna kuskure ce, zauna ce daidai. Wanda ake gaya wa kuwa da zamna ya tashi, da ita mahaifiyarsa take magana, da ita ake ciniki a kasuwar garinsu. Ko ya yi shiru ya haɗiye, ko ya yanke cewa littafin bai san Hausa ba. Duka biyun asara ce, domin shafin akasin haka yake faɗa.

A nazarin tarihin harshe tauraro yana nufin tsohuwar siga wadda masana suka gano ta hanyar kwatance. Kibiyar kuma tana nufin "ta fito daga". Layin farko yana cewa ne zauna daga zamna ta fito. Sauyin leɓawa bai game ƙasar Hausa ba. Ya auku a kare-karen gabas, waɗanda daidaitacciyar Hausa ta ginu a kansu, ya bar na yamma. Saboda haka sabka da zamna da abduga da sabro, da amre ko arme, su ne suka riƙe baƙin asali, sauka da zauna da auduga da sauro da aure su ne sababbin shiga. Hausar Adar, wadda Bernard Caron ya rubuta littafi a kanta da Faransanci a 1991, tana cikin kare-karen da ake kafa hujja da su a irin wannan kwatance. Sauyin hanɗawa kuwa ya game ko'ina, ɗan Malbaza ma talauci yake cewa. Wannan bambancin yaɗuwa yana cikin dalilan da suka sa Newman yake kallon sauye-sauyen uku a matsayin abubuwan da suka auku a lokuta dabam-dabam, na leɓawa shi ne na baya-bayan nan.

Kalmomi biyu na yau da kullum suna ƙara rura wannan rashin fahimta idan aka sake su ba makiyayi. Ta farko ita ce doka. Bahaushe ya san doka a matsayin abin da hukuma ta kafa, wanda ake hukunta mai karya shi, kuma ɗalibin da ya sha gyara a kan ƙa'idojin rubutu zai iya zaton wani Bature ne ya zauna ya zartar cewa a daina faɗin sabka. Tunda lacca doka take cewa, doka za a ci gaba da cewa, sai dai a bayyana sau ɗaya cewa a nan tana nufin sauyin da aka lura ya bi tsari ɗaya a kalmomi masu yawa, sunan Klingenheben kuma na wanda ya bayyana shi ne. Ta biyu ita ce rauni. Takardar tana cewa baƙaƙen sun raunana. Abin da take nufi na furuci ne zalla: wajen furta b leɓɓa suna rufewa ruf, wajen furta u suna buɗe, iska tana wucewa ba tsaiko. Raguwar tarewar iska ita ce raunin. Babu zancen wani kari ya fi wani ƙarfi ko inganci.

Bayanin da aka gyara

Idan aka haɗa waɗannan duka, ga yadda bayanin shafin zai iya kasancewa a bakin mai bayanin da ya yi shiri:

"Dubi talaka da talauci. A talaka, k yana farkon gaɓa: ta-la-ka. A talauci, asalinta ta-lak-ci, k ne ya rufe gaɓa ta biyu. Wannan k bahanɗe ne. A tarihin Hausa, bahanɗen da ya rufe gaɓa ya koma u. Sai a da u suka haɗu suka zama tagwan wasali, gaɓar ta tashi daga BWB ta koma BWW. Wannan ya faru a kowane karin harshe. Yanzu dubi fatake da farke. A tilon, t ne ya rufe gaɓar farko. Tsayau da zuzau na hanƙa, tare da ɗ, idan suka rufe gaɓa sun koma ra-gare, a yamma kuma l. Na uku, dubi yadda kake cewa sabka, Bakano yana cewa sauka. Wannan b baleɓe ne. Baleɓen da ya rufe gaɓa ya koma u a kare-karen gabas kaɗai. Taka ce tsohuwar siga."

Babu jimlar da ta kai kalma ashirin a cikinsa, kuma babu keɓaɓɓiyar kalmar da ba ta cikin littafin lacca. Akwai wuri ɗaya da aka yi zaɓi da gangan. Wasu takardu suna rubuta sakamakon sauyin da w, wato kinin wasali, wasu da u. Idan w ne, gaɓar tana nan a rufe. Idan u ne, ta buɗe. Tunda laccar da aka saba tana lissafa au a matsayin tagwan wasali, bayanin ya bi ta. Idan takardar da ke hannu w ta rubuta, a nuna wa ɗalibi wurin, a gaya masa cewa masana sun saɓa a kan wannan, kada a goge saɓanin a ɓoye.

Akwai kuma abin da sauƙaƙawa take yawan haɗiyewa, wato iyakokin dokar. Marubucin Ingilishi yakan sa su cikin ƙananan kalmomi irin na "galibi" da "a tarihi" da "sai dai", su ne kuma mai bayani yake fara zubarwa don jimla ta miƙe. Baƙin m bai koma u a ko'ina ba, sai idan n ko r ne ke biye da shi: zamna da tamna da ɗamre sun sauya, ƙamshi kuwa tana nan har a Kano. Baƙin s ya tsira a kasko da iska da fuska. Tafki da tsafta suna nan da baleɓensu a daidaitacciyar Hausa. Sauyin hanɗawa kuma ya daina aiki: ninkin buga bubbuga ne, na daka daddaka, inda baƙin ya rikiɗe ya zama irin na gabansa. Kalmar lacca kanta shaida ce. Da aka aro ta tana da k a ƙarshen gaɓar farko, wasu har yau lakca suke cewa, amma babu wanda ya mayar da ita lauca.

Yadda ake gane bayani ya zauna

Tambayar "ka gane?" ba ta auna komai, domin kunya kaɗai ta isa ta sa a amsa da i. Abin da ke aunawa shi ne a ba ɗalibi kalmomin da ba a yi misali da su ba, a ce ya yi bayaninsu a rubuce da kalmomin lacca. A ba shi haure da haƙori. Idan bayanin ya zauna, zai raba gaɓoɓin, ya ce a tsohuwar sigar haure ƙ ne ya rufe gaɓar farko, ƙ bahanɗe ne, ya koma u, a haƙori kuwa yana farkon gaɓa ta biyu. A ba shi hauni da hagu, ya gano g. A ba shi makauniya da makafi, ya gano f, ya kuma kira shi baleɓe. Daga nan a jefa masa bubbuga a gani ko zai tilasta mata dokar.

Irin kuskuren da ya yi yana nuna inda bayanin ya yoye. Idan ya rubuta baganɗe a gurbin bahanɗe, an yi masa sassauci da kalmar ganɗa. Idan yana neman sauyin a wutsiyar kalma, an juya masa ƙarshen gaɓa. Idan ya tsallake karkaɗa yana cewa ɗ ba ya ciki, an taƙaita masa rukunin ga hanƙawa. Idan kuwa aka ba shi ɗaure, ya yi murmushi ya rubuta ɗamre a gefenta kafin a tambaye shi, sai a ce ya ƙaro wasu biyar daga Hausar gidansu, ya kai wa malamin darasin a lacca ta gaba.